Darasi na Bakwai: Kwantena Guda Ko Haɗaka Da Wasu?

Ɗan kasuwar da ya sari kaya a Guangzhou ko Yiwu ta ƙasar Sin, yana so su iso Kano ta jirgin ruwa, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya kama kwantena guda shi kaɗai, ko kuma ya ba ejan kayansa a haɗa da na wasu a cikin kwantena ɗaya, kowa ya biya kuɗin gurbin da ya ci. A takardun ejan za ka ga an rubuta FCL idan kwantenar taka ce kai kaɗai, LCL kuma idan haɗaka ce.

Kafin ka zaɓa, sai ka san girman kayanka. Ba da yawan kwali ake lissafi ba, da gurbin da suka ci ake yi. Ma'aunin shi ne wanda ake rubutawa CBM, wato wuri mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Ɗauki kwali guda ka sa masa tef. A ce tsawonsa santimita 60, faɗinsa 40, tsayinsa 50. Mayar da su mita, sannan ka ninka:

0.6 × 0.4 × 0.5 = 0.12

Kwali 50 irin wannan sun ci CBM 6 ke nan. Ƙaramar kwantena mai ƙafa 20 kuwa cikinta ya kai kusan 33, amma kwali ba ruwa ba ne da zai cika kowane lungu. Abin da ke shiga a zahiri bai cika wuce 25 zuwa 28 ba.

Yanzu mu yi lissafi. Farashi yana hawa yana sauka, saboda haka kuɗin da ke nan na koyon lissafi ne kawai. A ce wata hajiya mai sayar da takalma ta tambayi ejan, ya ce haɗaka dala 120 ce kowane CBM, kwantena guda kuma dala 2,700 har ta sauka Legas da kuɗin tasha. To, ga inda mutane da yawa ke faɗawa rami. Dala 120 ɗin nan kuɗin jirgi ne kawai. Idan kwantenar haɗaka ta iso tashar Apapa ta Legas, sai an kai ta sito, an buɗe, an ware kayan kowa, kuma duk wannan aikin da kuɗinsa. A ce shi ma ya kama dala 60 kowane CBM. Ashe ainihin farashin 180 ne.

Kwali 50 na hajiya, CBM 6, za su ci dala 1,080. Haɗaka ta fi mata nesa ba kusa ba, don ba dalilin ta biya 2,700 ta yi dakon iska. Amma a ce kasuwa ta buɗe, ta sari kwali 150, wato CBM 18. Idan ta yi lissafi da 120 za ta ga 2,160, ta ɗauka ta ci riba. Da 180 kuwa, 3,240 ne, ya zarce kuɗin kwantena guda da dala 540. Don ka gane iyakar, raba kuɗin kwantena da cikakken farashin haɗaka: 2,700 ÷ 180 = 15. Ƙasa da 15, haɗaka. Sama da haka, kama taka ko da ba za ta cika ba. Kuɗin kwastam daban ne, ta kowace hanya za ka biya shi.

Kaya masu nauyi suna da nasu hukunci. A haɗaka ana kwatanta gurbi da nauyi, a ɗauki kilo 1,000 daidai da CBM ɗaya, a caje ka da wanda ya fi yawa. Tayil ɗin da ya ci CBM 2 amma nauyinsa kilo 3,000, kuɗin CBM 3 za ka biya.

Sai maganar lokaci, wadda ba ta fitowa a rasit. Kayan haɗaka sai sun jira na wasu kafin a rufe kwantena, in sun iso kuma su jira a ware. Idan mutum ɗaya a cikinku ya sa abin da bai bayyana ba, kwastam za su iya riƙe kwantenar gaba ɗaya, kai da ba ka ci nanin ba nanin ta ci ka. Mai kayan Sallah ya sa wannan a ransa. Kwalinka ma zai sha ɗauka da ajiyewa, ƙila a ɗora masa kayan ƙarfe, don haka a ɗaure shi sosai, a rubuta alamarka a kowane gefe. Mai kwantena guda shi ma ba a bar shi haka ba: in ya wuce kwanakin da aka ba shi kyauta bai fitar da kaya ya mayar da kwantena ba, kuɗin jinkiri na hawa kansa kullum.

Aikin gida: Kana da kwali 100, kowanne santimita 50 × 50 × 40. Nemo CBM ɗinsu. Da farashin da muka yi amfani da shi a sama, wace hanya ce ta fi maka sauƙi, kuma da dala nawa?