Yadda na gyara hotunan da Adobe Stock ya yi ta dawo min da su

Hotuna takwas na tura wa Adobe Stock, shafin da ake sayar da hotuna a intanet, na wani makaniki yana kwance injin mota, duka aka mayar da dalili ɗaya: Intellectual Property Refusal, wato an ƙi karɓa saboda haƙƙin mallakar wani. Da farko na zaci takardar amincewarsa da a yi amfani da hotonsa ce ba ta cika ba, na sake ɗora ta. Aka sake mayarwa. Na rage hasken, na sauya kalmomin nema, duk a banza.

Ashe matsalar tambari ce. Sai da na buɗe hoton a Photoshop na ƙara girmansa zuwa 100%, na bi shi lungu-lungu, sannan na ga sunan kamfani a jikin sifanar da ke hannunsa, da wani ƙarami a aljihun rigarsa. A ƙaramin hoto sam ba a ganinsu. Lasisin kasuwanci yana ba mai saye damar yin talla da hoton, shi ya sa ba a yarda tambarin wani ya fito ba, komai ƙanƙantarsa.

Na goge su da Clone Stamp Tool na Photoshop, wanda ke kwafo wani ɓangare na hoton ya rufe wani da shi, na cire sunan motar daga take da kalmomin nema, domin can ma ana dubawa. Na adana a JPEG, launi sRGB, na haɗa da takardar makanikin, na sake turawa. An karɓi bakwai. Na takwas fuskar ce ba ta fito tar ba.

Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta.