Kurakuran da aka fi yi wajen sa take da hoton bangon bidiyo, da yadda ake gyara su

Duk wanda yake ɗora bidiyo a YouTube daga Katsina ko Daura ya san cewa mai kallo yana yanke hukunci ne a kan abubuwa biyu kafin ya ga komai na aikin da aka yi, wato taken bidiyon da kuma ƙaramin hoton da ke samansa, wanda za mu kira hoton bango. Waɗannan biyun alkawari ne da mai tasha yake ɗauka, kuma akasarin kurakuran da ake yi sun samo asali ne daga yin alkawarin abin da babu shi a cikin bidiyon, ko kuma kasa faɗin abin da yake ciki. Domin bayanin ya fito fili, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: wani matashi ya je kasuwar Mai'adua makonni biyu kafin Babbar Sallah, ya ɗauki bidiyo na minti takwas yana zagaya kara, yana tambayar dillalai farashin raguna.

Kuskure na farko, kuma wanda ya fi kowanne muni a ganina, shi ne aron kalmomin musiba a ɗora su a kan abin da ba musiba ba. Matashin nan yana iya rubuta: “Innalillahi! Abin da ya faru a kasuwar Mai'adua ya girgiza kowa.” Bahaushe ba ya jin wannan kalma ya zaci maganar farashi ake yi; abin da zai fara zuwa ransa shi ne rasuwa, ko gobara, ko hari. A jiha irin tamu, inda mutane da yawa suke da ɗan'uwa a kan hanyar kasuwa kuma matsalar tsaro ta sa zukata a ɗar-ɗar, irin wannan take yana iya sa uwa ta kira ɗanta hankali tashe alhali babu abin da ya faru sai tsadar rago. Haka nan “Da ɗumi-ɗumi” a kan labarin da ya yi wata guda, da “Asiri ya tonu” a kan hira ta yau da kullum. Mutum zai danna sau ɗaya, ko sau biyu, amma daga nan ya riƙe sunan tashar a matsayin wurin da ake ruɗarsa, har ma ranar da aka kawo labari na gaskiya mai muhimmanci ba zai yarda ba.

Masu wannan hali sukan kafa hujja da cewa yana kawo masu kallo, don haka ya kamata a duba lissafin da kyau. Tun shekarar 2012 YouTube ta sanar cewa tsarinta na tallata bidiyo zai fi ba da ƙarfi ga tsawon lokacin da mutane suka ɗauka suna kallo, maimakon yawan dannawa kawai. Mu ƙaddara cewa an nuna hoton bangon matashin nan sau 10,000. Da taken firgitarwa, a ce kashi 12 cikin ɗari sun danna, wato mutum 1,200, amma da suka ga raguna ne kawai sai suka fice bayan kimanin daƙiƙa 40 kowannensu. Jimillar kallon ta zama minti 800. Da take na gaskiya, kamar “Farashin raguna a kasuwar Mai'adua makonni biyu kafin Sallah,” a ce kashi 5 ne kawai suka danna, wato mutum 500, amma da yake su masu neman ragon layya ne sai kowannensu ya kalli minti huɗu. Jimillar ta zama minti 2,000. Taken da ya jawo ƙasa da rabin mutanen ya samar da kallo ninki biyu da rabi, kuma waɗannan 500 ɗin su ne ake sa ran za su dawo mako mai zuwa su ji ko farashin ya sauka.

Mai tasha ba ya buƙatar ya yi ta hasashe a kan wannan, domin alƙaluman suna nan a cikin YouTube Studio, wato wurin da mai tasha yake sarrafa tasharsa. Idan ya buɗe Analytics, wato shafin alƙaluman bidiyon, zai ga Impressions click-through rate, wanda yake nuna kashi nawa cikin waɗanda aka nuna wa hoton suka danna, sannan zai ga Average view duration, wato matsakaicin lokacin da mai kallo yake ɗauka a kan bidiyon, da layin da ke nuna inda mutane suke ficewa. Wurin da ya kamata ya fi zuba ido shi ne daƙiƙa 30 na farko. Idan dannawa ta yi yawa amma layin ya faɗi warwas a wannan ɗan lokaci, to alkawari ya fi abin da ke ciki, kuma take ko hoton ne yake buƙatar gyara. Idan kuwa dannawa ta yi kaɗan amma waɗanda suka shigo suna zama har kusan ƙarshe, to bidiyon yana da kyau, tallarsa ce ba ta isa ba. YouTube da kanta ta ce rabin tashoshi da bidiyoyi suna samun dannawa tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari, saboda haka wanda yake ganin kashi 4 ko 5 bai kamata ya ɗauka ya gaza har ya koma ga ƙarya ba. Akwai iyakoki biyu da ya kamata a sani: alƙalamin dannawa yakan sauka idan aka fara nuna bidiyon ga baƙi waɗanda ba su san tashar ba, kuma waɗanda suka shigo ta hanyar da aka tura musu a WhatsApp ba sa cikin wannan lissafi, alhali mutanenmu da dama ta nan suke shigowa.

Wani lokaci kuma taken gaskiya ne, amma buɗewar bidiyon ce take saɓa masa. An ce za a faɗi farashin raguna, sai mai bidiyo ya kwashe minti biyu yana gaisuwa, yana roƙon a bi tasharsa, yana nuna hanya ta tagar mota. Sallama da gaisuwa al'adarmu ce kuma ba za a bar su ba, amma jimla ɗaya ta wadatar, sannan a nuna rago na farko a faɗi kuɗinsa kafin daƙiƙa 30 ta cika.

Kuskure na biyu yana cikin hoton bango, kuma shi ne sa fuska ko wuri da ba ya cikin bidiyon. Ana ɗauko hoton wani sanannen malami, ko basarake, ko ɗan wasan Kannywood yana hawaye, a haɗa da jar kibiya da da'ira, alhali ko sunansa ba a ambata ba. Ana kuma ɗauko tsohon hoton gobara daga wani gari a liƙa a kan labarin yau. Ban da zubar da mutuncin wanda aka yi amfani da fuskarsa ba da izininsa ba, wannan ya saɓa wa dokokin YouTube a kan yaudara, waɗanda suka haramta take ko hoton bango da yake sa mutum ya zaci zai ga abin da babu shi. A tsarinsu, laifin farko yakan jawo gargaɗi, na gaba ya jawo hukuncin da zai hana ɗora bidiyo na mako guda, kuma hukunci uku a cikin kwana 90 suna iya sa a rufe tashar baki ɗaya. Gyaran mai sauƙi ne: hoton ya fito daga cikin aikin kansa. Matashinmu ya tsaya a kara ya ɗauki hoto na musamman da babban ragon da ya fi tsada a cikin bidiyon, dillalin yana riƙe da igiyarsa bayan ya nemi yardarsa, rana tana haska su ta gaba ba ta baya ba, sannan ya rubuta ainihin kuɗin da aka yi masa suna a gefe. Idan kuɗin da dillali ya fara faɗa ne ba wanda aka sallama ba, ya kamata bidiyon ya fayyace haka, domin duk wanda ya taɓa ciniki a kara ya san tazarar da ke tsakanin su biyun.

Daga nan sai cunkoso. Da yawa suna tsara hoton a babban allo, su cika shi da rubutu layi huɗu, da hotuna uku, da tambarin tasha, sun manta cewa mai kallo zai gan shi ne a wayar hannu, wataƙila mai fasasshen gilashi, a tsakar rana. Girman da aka daɗe ana ba da shawara a kai shi ne 1280 × 720, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne a rage hoton ya koma kamar faɗin yatsu biyu a duba ko har yanzu ana gane shi. Abu ɗaya babba ya wadatar, da kalmomi uku ko huɗu masu kauri, farare ko rawaya a kan wuri mai duhu. A bar kusurwar ƙasa ta dama babu rubutu, domin nan ne ake liƙa tsawon bidiyon. Kuma kada rubutun hoton ya maimaita taken. Idan take ya faɗi kasuwa da lokaci, hoton ya nuna ragon da kuɗinsa, kowanne ya ƙara abin da ɗan'uwansa bai faɗa ba.

Akwai kuma masu gudun yaudara har su faɗa ɗaya ɓangaren, su rubuta “Ziyarar kasuwa kashi na 3,” ko su fara da sunan tasharsu. Wannan ba ƙarya ba ne, amma bai gaya wa kowa dalilin da zai sa ya kashe datarsa ba. YouTube tana ba da damar haruffa 100 a take, sai dai a waya akan yanke ƙarshensa, don haka kalmomin da mutum zai nema, irin su farashi, raguna da sunan kasuwar, su zo a farko. Jan hankali halal ne matuƙar tambayar da aka tayar tana da amsa a ciki. “Rago nawa ne bana a Mai'adua? Mun tambayi dillalai biyar” yana sa mutum son sani, kuma idan dillalan biyar ne da gaske, an cika alkawari.

Wanda yake shakka tsakanin hotuna biyu na gaskiya yana iya amfani da Test & Compare a YouTube Studio ta kwamfuta, inda ake ɗora hotuna har uku a rarraba su ga masu kallo, kuma ana zaɓar wanda ya yi nasara ne bisa yawan lokacin kallon da ya samar, ba bisa dannawa kaɗai ba. Ƙaramar tasha tana iya jira kwanaki ba ta sami sakamako bayyananne ba saboda ƙarancin masu kallo, kuma a irin wannan hali gara mutum ya canza abu ɗaya kawai, take ko hoto, ya bar shi mako guda, sannan ya kwatanta alƙaluman. Tsofaffin bidiyoyi ma ana iya gyara musu take da hoton bango ba tare da an rasa kallon da suka tara ba, kuma ya dace a fara da waɗanda suke ɗauke da kalmomin rasuwa ko fuskar wanda ba ya ciki. Bidiyon raguna kuwa, da zarar Sallah ta wuce sai a ƙara masa shekara a take, domin kada wani ya gan shi baɗi ya tafi Mai'adua da kuɗin bara a aljihu.