Yadda ake cinikin ɗan wasan ƙwallo, da abin da kuɗin sayensa yake biya

A gidajen kallon ƙwallo na Kano, daga Fagge har Hotoro, za ka ji ana cewa an sayi wane yuro miliyan kaza, kamar dai kaya ne aka taya a Kwari aka sallama. Maganar ta zauna a baki, amma tana ɓoye gaskiyar cinikin. Ɗan wasa ba ya cikin kadarar ƙungiya. Abin da ƙungiya take riƙe da shi abu biyu ne: kwantiragin da ya sa wa hannu, da rajistarsa a hukumar ƙwallo ta ƙasa. Kuɗin saye diyya ce da sabuwar ƙungiya take biyan tsohuwa domin ta yarda a kashe kwantiragin tun lokacinsa bai cika ba, ta kuma saki rajistar.

Shi ya sa sauran shekarun kwantiragi suke yanke farashi. Mai sauran shekara huɗu yana da tsada, mai sauran shekara ɗaya ƙungiyarsa tana gaggawar rabuwa da shi, wanda nasa ya ƙare kuwa yana tafiya ba a biya kuɗin saye ba. Wannan ya samo tushe daga hukuncin kotun Tarayyar Turai na shekarar 1995 a shari'ar Jean-Marc Bosman, ɗan wasan Beljiyam. Kuɗin kuma ba ya shiga aljihun ɗan wasa, sai in an rubuta masa wani kaso a kwantiraginsa. Nasa rabon shi ne albashi, kuɗin sa hannu da alawus.

Ga yadda cinikin yake tafiya, idan ƙungiyar waje tana son ɗan wasa daga NPFL, babbar gasar ƙwallon Najeriya.

Mataki na 1: a duba takarda kafin a buɗe baki

A fara ɗauko kwantiragin da ke ƙasa a ga ranar ƙarewarsa. Dokar FIFA ta ce kwantiragi ba ya wuce shekara 5, na wanda bai kai shekara 18 ba kuwa ba ya wuce shekara 3. Idan saura wata 6 ko ƙasa da haka ya ƙare, ɗan wasa yana da ikon sa hannu da wata ƙungiya tun yanzu, ya koma can idan wa'adin ya cika. Idan ya fi haka, sai da yardar ƙungiyarsa.

Sai shekarun haihuwa. An hana kai ɗan wasan da bai cika 18 ba wata ƙasa, in ban da 'yan keɓantattun dalilai, kamar iyayensa su yi ƙaura don abin da bai shafi ƙwallo ba. Ahmed Musa misali ne da Kanawa suka sani: bayan ya yi fice a Kano Pillars, VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta ɗauke shi a 2010, amma sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya samu damar buga mata wasa. Duk dillalin da ya ce zai kai yaro ɗan shekara 16 wata ƙungiya a Turai, ya kuma nemi iyaye su kawo kuɗin tafiya, a yi hattara da shi. A tambayi lasisinsa na FIFA, a kuma nemi takardar gayyata da ta fito daga ƙungiyar kanta.

Mataki na 2: tayi da yarjejeniyar ƙungiyoyi biyu

Mai saye yana sanar da ƙungiyar ɗan wasa a rubuce kafin ya fara magana da shi. Daga nan sai tayi, a ce albarka, a ƙara, har a daidaita. A nan ake cin riba, a nan kuma ake tafka asarar da ba a ganewa sai bayan shekaru, domin adadin da jarida take bugawa ba kasafai yake zama kuɗi dunƙule ba. Akwai tsayayyen kuɗi, wanda galibi ake biya kashi-kashi. Akwai ƙari mai sharaɗi, misali in ya buga wasa 20 ko in ƙungiyar ta samu shiga gasar Turai. Akwai kuma kason sayarwa ta gaba, wato wani kaso na kuɗin da za a samu ranar da mai sayen ya sayar da shi.

Mu ɗauki misali na lissafi. Yaro ya yi shekara shida a wata makarantar horar da 'yan wasa a Kano, daga shekarar da ya cika 12 zuwa wadda ya cika 17. Ya yi shekara biyu, 18 da 19, a wata ƙungiyar NPFL. Wata ƙungiya a Beljiyam ta saye shi yuro 400,000, da sharaɗin kashi 15 cikin ɗari na sayarwa ta gaba. Bayan shekara uku ta sayar da shi Faransa yuro miliyan 10.

Idan takarda ta ce kashi 15 na dukan kuɗin, ƙungiyar NPFL za ta karɓi yuro 1,500,000. Idan ta ce kashi 15 na riba, sai a fara cire 400,000 ɗin farko, ya rage 9,600,000, rabonta ya koma 1,440,000. Kalma ɗaya ta ci yuro 60,000. Ko ta wace hanya, kason ya ninka kuɗin sayen farko fiye da sau uku. Saboda haka ƙungiyar da ta dage a ƙara mata yuro 50,000 a hannu ta bar kason gaba, ta yi ciniki mara kyau. A rubuta ranar biyan kowane kashi, da abin da zai hau kan mai saye in ya yi jinkiri, da kuma abin da zai faru in an ba da ɗan wasan aro ko an yi musaya da shi maimakon sayarwa, don ta wannan ƙofa ake zille wa kason.

Abu guda da aka haramta tun 2015: wani attajiri ko kamfani ya mallaki kaso a kuɗin sayar da ɗan wasa nan gaba. Wanda ya saya wa yaro takalma ya ciyar da shi, ba zai iya rubuta cewa yana da kashi 30 a jikinsa ba. Ƙungiyar da ta taɓa yi masa rajista ita ke da wannan dama, ko shi ɗan wasan da kansa.

Mataki na 3: kwantiragin ɗan wasa da gwajin lafiya

Ko ƙungiyoyi sun shirya, in ɗan wasa ya ƙi, ciniki ya mutu. Shi da wakilinsa su duba ko albashin da aka faɗa kafin haraji ne ko bayansa, domin a ƙasashen Turai da yawa haraji yana cin kaso mai tsoka. Su duba wa zai biya gida da tikitin jirgi, da ko albashi zai ragu in ƙungiya ta faɗa gasar ƙasa. Idan ƙungiya ce kaɗai take da zaɓin ƙara shekara, a rubuta ƙarin albashin da zai biyo baya. Wasu kwantiragin suna da farashin fansa: adadin da in an biya, ƙungiya ba ta da ikon hanawa. Ta haka Neymar ya bar Barcelona zuwa PSG a 2017 a kan yuro miliyan 222.

Gwajin lafiya ana yinsa kafin sa hannu, kuma akwai dalili. Dokar FIFA ta ce ba a rataya ingancin kwantiragi a kan sakamakon gwajin lafiya ko samun izinin aiki. In ƙungiya ta sa hannu, daga baya ta gano matsalar gwiwa, ba ta da hujjar yaga takarda. Ɗan wasa ya karɓi nasa kwafin mai sa hannun kowa a ranar, kada ya yarda da "za a aiko maka".

Mataki na 4: rajista

Ƙungiyoyin biyu suna shigar da bayanan cinikin a manhajar FIFA mai suna TMS: suna, adadin kuɗi, ranakun biya, takardu. Sai bayanan sun yi daidai da juna tukuna hukumar ƙasar da zai je take neman ITC, wato takardar sakin rajistarsa zuwa wata ƙasa, daga hukumar ƙwallon Najeriya, NFF. In babu ITC, babu wasa. Yawan cinikin da ke rushewa a daren rufe kasuwar cinikin 'yan wasa a nan yake maƙalewa: wannan ya rubuta adadi ɗaya, wancan ya rubuta wani, ko sunan da ke fasfo ya saɓa da na rajista. Kasuwar da ake dubawa kuwa ta ƙasar da zai koma ce, ba ta Najeriya ba.

Mataki na 5: rabon waɗanda suka raine shi

Wannan ne ya fi shafar masu horar da yara a filayen unguwannin Kano, kuma shi aka fi sakaci da shi. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin domin ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 na dukan kuɗin, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da kashi 0.5.

A misalinmu, makarantar Kano tana da shekara huɗu na farko, kashi 1, da shekara biyu na gaba, wani kashi 1. Kashi 2 ke nan. A cinikin Beljiyam ta samu yuro 8,000. A na Faransa ta samu 200,000, ita kuma ƙungiyar NPFL ta samu 100,000 ban da kasonta na sayarwa. In an sake sayar da shi Ingila yana da shekara 27, za a sake biyansu.

Sharaɗin shi ne yaron ya kasance da rajista da sunan makarantar a tsarin NFF cikin waɗannan shekaru, ita ma makarantar tana ƙarƙashin hukumar. Tun ƙarshen 2022 FIFA tana bi da wannan kuɗi ta wani ofishinta na tantance biya da ke Paris, kuma tarihin rajistar ɗan wasa na intanet yake dubawa. Hoton yaro sanye da rigar ƙungiya da shaidar mutanen unguwa ba sa shiga wannan lissafi. Ofishin yana kuma neman takardun ƙungiya da asusun banki mai sunanta, don haka asusun koci na kansa ba zai wuce ba. Shekarar da ba a yi wa yaro rajista ba, a takarda babu wanda ya horar da shi a cikinta.

Idan albashi ya tsaya

Ɗan wasan da ya je waje aka riƙe masa albashin wata biyu, kada ya tattara kaya ya dawo gida cikin fushi, domin za a iya ɗaukar hakan a matsayin shi ne ya karya kwantiragi, a ɗora masa diyya, har da dakatarwar wata 4 in abin ya faru a shekarun farko na kwantiragin. Ya rubuta wa ƙungiya takardar gargaɗi, ya ba ta aƙalla kwana 15, ya ajiye shaidar aikawa. In wa'adin ya wuce ba a biya ba, yana da hujjar kashe kwantiragin ya kai ƙara kotun ƙwallo ta FIFA. Ƙarar tana da wa'adin shekara 2 daga ranar da abin ya faru, in ya wuce ba a sauraronta.