Yadda na gyara lissafin nisa a kan taswira

Taswirar tana ɗauke da ma'auni 1:50,000. Na ɗora rula tsakanin kasuwa da mahaɗar titi, na samu santimita 7.4. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba 50,000 da 100,000, tunda santimita 100,000 ne kilomita ɗaya. Ke nan kowace santimita a takarda rabin kilomita ce a ƙasa, sai 7.4 ta ba ni kilomita 3.7.

Amma mitar babur ta nuna kusan 5.5. Ashe kwafi ce aka ba ni, kuma an rage girmanta wajen bugawa, lambar 1:50,000 kuwa ba ta raguwa tare da takarda. Sai na auna sandar ma'auni da ke ƙasan taswirar: kilomita ɗaya ya kamata ya cika santimita 2, amma na samu 1.4. Na raba 7.4 da 1.4, ya fito kusan 5.3.

Ragowar ɗan bambancin kwanonin titi ne, domin rula miƙe take aunawa. Na bi titin da zare, na miƙe shi a kan rula, na samu 7.7, wato kilomita 5.5.