Kararrawa ta daina riskata a tsakiyar jimla

Darasina na lissafi minti 40 ne, amma kullum sai a buga kararrawa ina tsaka da misali na uku, yara su watse ba su taɓa aikin aji ba. Da na ajiye agogo a kan tebur, sai na ga ashe gyaran aikin gida ke cinye mini minti 15.

Yanzu minti 5 nake ba shi, tambayar da ta fi kayar da su kawai muke warwarewa a allo. Ko ina na kai, a minti na 25 nake ajiye alli su fara aiki.

Ƙarshen kuwa tambayoyi uku nake tanada. In lokaci ya ƙure mu yi ɗaya, sauran su tafi da su gida.