Yadda ake atisayen kan tebur idan bayanan abokan hulɗa suka fita waje

Atisayen kan tebur ba ya bukatar a taɓa kwamfuta ko ɗaya. Mutane ne suke zama, a karanta musu labarin matsala kamar da gaske ta faru, kowa ya faɗi abin da zai yi. Wanda zan kawo a nan na tsara shi ne don ƙaramin ofishin ba da rance irin waɗanda muke da su a Garwa da Marwa, inda masu kula da kwamfutoci ba su wuce uku ba. Minti 90 ya isa.

Fara da zaɓen waɗanda za su zauna. Ma'aikatan kwamfuta su uku, manaja, da mai karɓar jama'a a kanta, domin ita za a fara yi wa ihu. Sai mai jan ragama, wanda shi kaɗai ya san labarin, da marubuci da ba ya cewa uffan. Idan manaja ya ce ba shi da lokaci, a ɗaga zaman. Rabin shawarwarin da za a yanke nasa ne, in ba ya nan sai a yi ta cewa "za mu tambayi mai gida".

Rubuta labarin a kan katuna huɗu, kowanne da lokacinsa, ka riƙa miƙa su ɗaya bayan ɗaya. A saman kowane kati ka rubuta ATISAYE da manyan baƙaƙe, kuma sunaye da lambobin da ke ciki su zama na ƙirƙira, kada wani ya ɗauki hoton kati ya yaɗa a gari. Ƙa'ida ɗaya za ka kafa tun farko: ba a karɓar "za mu duba". Duk wanda ya faɗe ta, a tambaye shi wa zai duba, da wace kalmar sirri, a cikin minti nawa.

Kati na farko. Juma'a ce, ƙarfe 2:30, an dawo daga masallaci. Wata 'yar kasuwa ta shigo ta nuna wa mai kanta hoton da ke yawo a wani zauren WhatsApp. Jeri ne na mutum 25: suna, lambar waya, lambar katin ɗan ƙasa, da ragowar bashin kowa. Sunanta ne na bakwai. Tambayi mai kanta me za ta ce wa Hajiya a wannan lokacin, kuma wa za ta kira. Sannan ka juya ga masu kwamfuta: ta yaya za ku gane cewa jerin daga wajenmu ya fito? Amsa mai kyau ita ce a gwada ragowar bashin da ke hoton da na manhajar ofis. Idan adadin ya yi daidai da na ƙarshen watan jiya, an san ranar da aka fitar da takardar, kuma an rage yawan waɗanda za a bincika.

Bayan minti 15 ka miƙa na biyu, wanda a ganina shi ne zuciyar atisayen. Jerin ya yi daidai da takardar Excel ta ƙarshen wata, mai ɗauke da mutum 1,800, wadda ake ajiyewa a babbar kwamfutar ofis. Da sunan wani jami'in rance da ya bar aiki kwana 40 da suka wuce aka shiga, ba a rufe masa shiga ba, kuma mutum biyu a ofis sun san kalmar sirrinsa. Manaja ya fusata, ya ce a goge kwamfutar da aka yi amfani da ita a sake mata komai yau.

Ka bar su su yi gardama a nan, kada ka yi saurin raba su. Abin da kake jira shi ne wani ƙaramin ma'aikaci ya iya cewa, "Ranka ya daɗe, in muka goge ta mun goge shaida." Matakin da ya dace shi ne a dakatar da wannan suna ba tare da share shi ba, a zare wa kwamfutar wayar sadarwa, a bar ta yadda take, a kwafe rajistar shiga. Da zarar wani ya ce "ai akwai rajista", tambaye shi ta kwana nawa. A Windows ana rubuta kowace shiga da ta yi nasara da lamba 4624 a rajistar Security, amma girman rajistar na asali megabait 20 ne, in ta cika sabo yana danne tsoho. A kwamfutar da ake yawan shiga, kwanaki kaɗan suna iya cika ta. Nan kaɗai nake yarda a karya ƙa'idar rashin taɓa na'ura, a tura mutum ya duba ya dawo:

```
wevtutil gl Security
wevtutil epl Security E:\tsaro.evtx
```

Layin farko yana nuna iyakar girman da aka sa wa rajistar, na biyu yana kwafe ta zuwa filas, kuma sai mai ikon gudanar da kwamfutar ne zai iya. Idan ya buɗe kwafin ya tarar abu mafi tsufa a ciki na shekaranjiya ne, atisayen ya riga ya biya kuɗinsa. Akwai tarko kuma: kusan kullum sai wani ya ce tsohon ma'aikacin ne ɓarawon. Tuna musu mutum uku ne suka san kalmar. Rajista tana nuna sunan da aka shiga da shi, ba ta nuna hannun da ya buga.

Kati na uku, safiyar Asabar. Mutum shida sun ce an kira su da sunan ofis, an faɗa musu bashinsu daidai, an nemi lambar sirrinsu ta Orange Money ko MTN MoMo wai don a rage musu ruwa. Ɗaya ya bayar, an kwashe masa sefa dubu 85. Yanzu kowace sa'a ta jinkiri asara ce ga wani. Ba su minti goma su rubuta saƙon da za a tura wa jama'a, a karanta shi da ƙarfi. Ya faɗi abin da ya fita, ya ce ofis ba ya taɓa neman lambar sirri, ya ba da lamba ɗaya ta kira. Tambayoyin da ke biyo baya su ne masu wuya. Wa za a sanar, 25 da ke hoto ko 1,800 da ke takarda? Da wane harshe, tunda akwai mai Hausa, akwai mai Fulatanci, akwai mai Faransanci? Wanda ba ya karatu fa, saƙon murya za a yi masa ko kira? In an ɗauke wuta kuma babbar kwamfuta a kashe take, a ina za a samo lambobin?

Na huɗu gajere ne. Wata baƙuwar lamba ta turo wa manaja saƙo tana neman sefa miliyan biyu ko a saki sauran. Biya ba ya dawo da takardar da ta riga ta shiga wayoyi, don haka kada a ɓata lokaci a kai. A ajiye saƙon a matsayin shaida, a koma kan wa za a kai wa rahoto. A Kamaru akwai dokar kare bayanan mutane mai lamba 2024/017 ta 23 ga Disamba 2024, akwai hukumar ANTIC mai kula da tsaron intanet, sannan COBAC ce ke sa ido kan ofisoshin ba da rance. Wa ya taɓa karanta dokar a cikinku, kuma wa zai sa hannu a wasiƙar?

Minti 20 na ƙarshe na marubuci ne. Ya karanto duk inda aka yi shiru ko aka ba da amsa biyu masu karo da juna. A zaɓi uku kawai, kowanne da sunan mai yi da rana: misali rufe sunayen duk waɗanda suka bar aiki kafin Laraba, ƙara girman rajista, da buga lambobin gaggawa a takarda a saka a aljihun teburin manaja. Bayan wata uku a sake zama da katunan nan, amma a ce babban mai kula da kwamfuta yana hanyar Ngaundere, wayarsa ba ta shiga.