Yadda ake gane saƙon damfara a waya, a yanke masa hukunci da hujja

Ni teburin tura kuɗi da cirewa nake riƙe da shi a nan Garwa, kusa da babbar kasuwa, kuma wallahi da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai miƙo min waya ba yana cewa duba min wannan saƙon, gaskiya ne ko ƙarya? Da can sai in leƙa kawai in ce ƙarya ne, mutum ya tafi, gobe ya dawo da wani irinsa sak, don ban faɗa masa abin da na gani ba balle ya iya gani da kansa. Shi ya sa yanzu na tsara wa kaina wasu alamomi da nake bi ɗaya bayan ɗaya, in ba kowace maki, in haɗa, sannan in ba saƙon suna ɗaya cikin huɗu tare da dalili. Sunayen su ne DAMFARA, SHAKKU, TALLA da LAFIYA. Makin ni na sa su daga abin da nake gani kullum a tebur, kowa na iya gyarawa daidai da nasa.

Mataki na farko, kafin ma a karanta abin da ke ciki, a dubi sama, wa ya aiko? Saƙon kuɗi na gaske daga kamfanin layi da sunan kamfanin yake zuwa, kuma yana faɗawa ne cikin jerin tsofaffin saƙonnin kuɗin da kuka saba samu, ƙarƙashin na jiya da na shekaranjiya. In kuka ga saƙo yana cewa kuɗi sun shigo amma a samansa lamba ce irin ta kowa, mai lambobi 9 da ta fara da 6 kamar yadda layukan hannu suke a Kamaru, to mutum ne ya zauna ya buga shi da yatsunsa. Wannan maki 2 ne. Haka in lambar ta waje ce, ba +237 ba kuma ba +235 na Cadi ba, alhali mai ita yana cewa daga wani ofishi a Yawunde ko Njamena yake, shi ma maki 2.

Mataki na biyu shi ne mafi nauyi, a tambayi kai me saƙon nan yake so in yi? A bar dogon surutun da gaisuwar da addu'ar, a nemo buƙatar kawai. Akwai buƙatu uku da ba na ma tsayawa lissafi a kansu, ko ɗaya ta bayyana hukunci ya fita, DAMFARA. Ta ɗaya a nemi lambar sirrinku ta kuɗi, ko lambobi 6 ɗin nan da WhatsApp ke turowa ta saƙo, wai an tura muku bisa kuskure ku karanto. Lambobin nan su ne mabuɗin buɗe asusunku a wata waya, duk wanda ya same su ya karɓe asusun ya shiga roƙon ƴan uwanku kuɗi da sunanku da hotonku. Ta biyu a ce ku fara biyan wani abu kafin ku karɓi wani abu, kuɗin buɗe dosiye, kuɗin dawan na kayan da aka aiko muku, kuɗin rajistar tallafi ko na aikin da ba ku nema ba. Ta uku a kira ku a riƙa karanto muku lambobin da za ku danna, danna kaza, sa ɗaya, sa biyu, yanzu sa lambarka ta sirri.

Wannan ta ukun bari in ɗan tsaya a kanta don ita ta fi cin mutane masu wayo. Wani lokaci saƙon da ya faɗo wayarku na gaske ne, daga kamfanin ya fito, babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa. Abin da ya faru, ɗan damfarar ya sa buƙatar cire kuɗi daga layinku ta layin mai tebur irin nawa, sai na'ura ta turo muku tambaya ko kun amince, shi kuma yana kan layi yana ce muku ai kyauta ce za ta shigo, ku tabbatar kawai. A nemi kalma ɗaya a cikin saƙon, in an ga "retrait" to fita kuɗi za su yi. Kuma a riƙe wannan da kyau, karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri, lambar sirri ta fitarwa ce. Dattijon da ba ya karanta Faransanci ko wannan kaɗai aka koya masa an yi masa babbar gata.

Mataki na uku, in akwai linki a karanta shi ba tare da an taɓa ba. Bayan https:// a bi har zuwa layin karkace na farko, wato /, sai a dawo baya, ƙarshen abin da ya zo kafin layin shi ne ainihin gidan da za a kai ku. Shafukan gwamnatin Kamaru da yawa da gov.cm suke ƙarewa, to in kuka ga an sa sunan ma'aikata ko na kamfani a farko amma ƙarshen wani abu ne daban irin .xyz ko .top, ko an gajarta shi da bit.ly yadda ba a ganin inda za shi, maki 2. Sunan da ke farko kowa na iya rubuta shi.

Mataki na huɗu ƙananan alamomi ne, kowace maki 1. Gaggawa, wai cikin minti 30 ko a rufe layi. Sirri, kar ka faɗa wa kowa. Kuɗi ko kyautar da ba ku sa rai ba, kun ci moto a gasar da ba ku shiga ba. Umarnin a tura wa gurup 5 ko mutum 20 kafin a samu data kyauta. In kuma an nemi ku tura kuɗi kai tsaye, wannan 2 nake ba shi. Kuskuren rubutu da can ina lissafa shi, yanzu na daina, don mu kanmu haka muke rubutu a waya, su kuma ɓarayin sun koyi kwafo saƙon kamfani harafi da harafi.

Mataki na biyar a haɗa. Maki 4 zuwa sama DAMFARA. Maki 2 ko 3 SHAKKU, ma'ana kar a yi komai sai an tabbatar ta wata hanya daban. Maki 0 ko 1 LAFIYA, sai dai in saƙon tallar kiredi ne ko waƙar kira ko cacar ƙwallo da ba wanda ya nema, shi ne TALLA, ba sata a ciki kai tsaye amma a kula da masu cewa a amsa da 1 ko OK, ta nan mutum ke shiga abin da za a riƙa zaftare masa kiredi kullum.

Ga yadda na yi da na goggona, mai sayar da atamfa. Ta zo da rana tsaka hankalinta a tashe, mayafi na zamewa, ta ce ɗana duba min, wani bawan Allah ya turo min kuɗi bisa kuskure yana ta kuka wai na maganin matarsa ne. Saƙon ga shi kamar haka:

```
Vous avez recu 35000 FCFA de 6XXXXXXXX.
Nouveau solde: 35000 FCFA.
```

Na ce Goggo zauna tukuna, kar ki ɗaga in ya sake kira. Sama lamba ce ta mutum, 2. Kuɗin da ba ta sa rai ba, 1. A kiran ya ce yanzu yanzu yana bakin asibiti, 1. Yana so ta tura masa 35.000, har da cewa ta riƙe 2.000 na goro, 2. Jimla 6 ke nan. Sai kuma ga wani abu da ya tona shi, na tambaye ta nawa ke cikin asusunki da safe, ta ce 8.200. Da kuɗin sun shigo da gaske ragowar da saƙon zai nuna 43.200 ce, shi kuwa bai san abin da take da shi ba sai ya rubuta 35.000 kawai. Duk da haka ban tsaya nan ba, na sa ta danna lambar duba asusu da hannunta, masu Orange Money #150# ne, masu MTN MoMo kuma *126#, ta sa lambar sirrinta na kau da kai, 8.200 ɗinta na nan ko dala ba ta ƙaru ba.

Yanzu mataki na shida, rubuta hukunci, kuma nan ne yawancinmu muke gajarta wa mutane. Kar a ce ƙarya ne kawai a miƙa waya. Ni layi uku nake yi, ko a rubuce ko ta saƙon murya ga wanda ba ya karatu. Na Goggo cewa na yi: Hukunci, DAMFARA, maki 6. Dalili, saƙon daga lambar mutum ya fito, ragowar da ya rubuta ba ta yi daidai da taki ba, mun duba ba abin da ya shigo, kuma yana matsa miki ki tura yanzu. Abin yi, kar ki tura, ki toshe lambar, ki bar saƙon kar ki goge. Dalilan su zama abin da mutum zai iya gani da idonsa a wayar, ban da irin su jikina bai ba ni ba. Bayan sati biyu ita da kanta ta kama irinsa a wayar maƙwabciyarta, ta ce mata dubi sama, lamba ce ko suna?

To amma lissafin nan yana da inda yake kasawa ta ɓangare biyu. Sunan kamfani a sama ana iya ƙirƙirarsa, wani ma dabararsa ya ari wayarku ya ajiye lambarsa da sunan kamfanin, don haka maki 0 a matakin farko bai wanke saƙo ba, duba ragowar kuɗi da kanku shi ne alƙali. Haka in an sace WhatsApp ɗin yayanku, lambar tasa ce, hoton nasa ne, komai zai fito tsaf. A ɗaya ɓangaren kuma ƙaninku na gaske da ke karatu a Ngaundare wayarsa na iya faɗuwa ya ari ta abokinsa ya ce a turo masa 10.000 da gaggawa, maki zai kai 3 alhali gaskiya yake faɗa. Shi ya sa na ajiye SHAKKU, maganinsa a kira mutum a ji muryarsa, a tsohuwar lambar da aka sani in tana shiga, ko a tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai zai sani, kamar sunan da kaka take kiransa da shi.

In kuwa an duba an ga kuɗin sun shigo da gaske, don kuskuren lamba yana faruwa, ni ma ina gani a tebur, to haƙƙin mutum ne ba a ci, amma kar ku tura da kanku musamman in ya ba da wata lamba daban da wadda ta aiko. Ku ce ya kai ƙara wurin kamfanin su mayar masa ta hanyarsu, in ba haka ba kuna iya turawa su ma su janye, ku biya sau biyu. Wanda kuma aka riga aka cuta ya ɗauki hoton saƙon da lambar da lambar shaidar turawar, ya garzaya ofishin kamfanin layinsa a ranar, ya canza lambar sirri, sannan a Kamaru akwai hukumar ANTIC mai kula da tsaron intanet, ana kiranta kyauta a 8202.